Shirin Kai Tsaye Don Nuna Sana'a da Sayar da Kaya: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Sana'ata shinkafa ce a Birnin Kebbi. Ina sayo shanshera daga wajen Argungu da Suru, a turara, a shanya, a kai inji, sannan in sayar a kwano da buhu. Tunda na fara shiga laif, wato shirin kai tsaye, a Facebook, matan adashenmu da wasu da ban ma taɓa gani ba suke ta maimaita mini tambayoyi iri ɗaya. Na tattara su a nan. Da "ki" zan riƙa magana domin mafi yawan masu tambayar mata ne, amma tela a Gusau ko mai albasa a Aliero duk maganar ta shafe shi.

1. Mene ne amfanin shiga kai tsaye, alhali zan iya ɗaukar bidiyo in saka?

Bidiyon da aka ɗauka aka gyara, mai kallo ya san an zaɓi wurin da ya fi kyau ne aka nuna masa. A kai tsaye kuwa, mace tana zaune a Kontagora za ta rubuta, "Hajiya, zura hannu can ƙasan buhun mu gani," ki zura, ki ɗebo, ta gani da idonta. Abin da ke hana mutane sayen kaya daga nesa tsoron algus ne, kuma wannan zura hannun shi ke kashe tsoron. Idan kayanki irin wanda ake shakka a kansa ne, kamar shinkafa, zuma, man shanu ko atamfa, kai tsaye ya fi. Idan kuwa sanarwa ce kawai, cewa kaya sun iso, ɗan bidiyo ya wadatar, kada ki ƙona data.

2. A wace manhaja zan yi?

Inda masu sayenki suke. Nawa kwastomomin matan aure ne da masu abincin sayarwa, kuma a Facebook suke, shi ya sa na tsaya a can. Mai sayar da kayan kwalliya ga 'yan mata wataƙila TikTok ta fi mata.

Kowace tana da sharaɗinta, kuma gara ki san shi tun kafin ki sa rana. Facebook tana son asusun ya kai kwana 60 da buɗewa, shafin kuma yana da mabiya 100. TikTok tana son shekara 18, kuma galibi sai mabiya sun kai 1,000 maɓallin LIVE yake fitowa. Instagram ma tun 2025 sai asusu a buɗe yake ga kowa kuma yana da mabiya 1,000. YouTube ta waya mabiya 50 take nema, kuma karon farko ana iya jira har awa 24 kafin a buɗe miki. Waɗannan ƙa'idoji suna canjawa, don haka ki duba wayarki mako guda kafin ranar ki tabbatar maɓallin yana aiki. Gwajin da na bayyana a tambaya ta 5 zai sake tabbatar miki da wannan.

3. Me zan faɗa na tsawon minti arba'in? Ina tsoron in yi shiru.

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma a nan mafi yawanmu muke faɗuwa. Wadda ta shiga da niyyar "zan tallata kayana" tana ƙare magana cikin minti biyar, sai ta koma gaishe-gaishe da jiran mutane. Ki shiga da abu ɗaya da za ki koyar, wanda mai kallo za ta amfana da shi ko ba ta sayi komai ba. Abu ɗaya fa, ba biyar ba. Kuma ba sai kin ƙirƙiro shi ba: ki buɗe WhatsApp ɗinki ki duba tambayar da aka fi yi miki a wata ukun da suka wuce. Ni tawa ita ce, "Ba ta da tsakuwa? Ba ta wari?" Sai na sa wa shirina suna, Yadda za ki gane shinkafa mai kyau kafin ki biya.

Ga yadda na yi shi. Na jera faifai uku a kan tabarma: ɗaya shinkafar da ta bushe sosai, ɗaya wadda aka kwashe daga shanya da sauran laima, ɗaya kuma wadda ta daɗe a ruwan jiƙo har ta yi tsami. Na ɗauki ƙwaya ɗaya daga faifan farko na kawo bakina kusa da waya na cije ta, aka ji ƙas. Ta biyun da na cije, murmushewa ta yi ba ƙara. Na bayyana cewa masana suna son laimar shinkafar ajiya kada ta wuce kashi 14 cikin 100, amma mu da ba mu da na'urar awo haƙori ne na'urarmu, kuma mai laima idan ta yi makonni a buhu sai ta yi fumfuna ta canja ƙamshi. Daga nan na ɗaga ƙwaya a gaban haske na nuna farin da ke cikin cikinta, alamar turarar ba ta ratsa ta ba, kuma irinta ce ke kakkaryewa a inji. Ta ukun ba a iya jin warinta ta waya, sai na nuna yadda launinta ya yi duhu, na gaya musu su riƙa damƙar shinkafa a tafin hannu su hura mata numfashi su sunsuna. A ƙarshe na auna kwano ɗaya daga buhun da wata mai kallo ta zaɓa da kanta, na baza a tire, muka nemi tsakuwa tare.

Kin ga ban ce "ku saya" ko sau ɗaya ba a wannan sashe, amma duk wadda ta kalla ta san na san shinkafa. Tela zai iya juya riga ya nuna bambancin ɗinkin da zai ɓalle da wanda zai daɗe. Mai turaren wuta ta ƙona iri biyu ta nuna wanda ke cin garwashi da sauri. Abin da hannunki ya saba yi, wanda ke a wurinki ba komai ba ne, shi mutane ba su taɓa gani a kusa ba.

4. Yaya zan raba lokacin?

Nawa minti 40 ne, kuma a rubuce yake a kan kwali da manyan baƙaƙe, na jingina shi a bayan wayar inda ni kaɗai nake gani. Minti uku na farko sallama da faɗin abin da za a koya. Kada ki zauna kina cewa "bari mu jira mutane su shigo", domin waɗanda za su kalli bidiyon daga baya da wannan shirun za su fara cin karo, su wuce. Daga nan minti 15 na koyarwa, kamar yadda na nuna a tambaya ta 3. Sai minti biyar na faɗin kayan da ke ƙasa da farashinsu, minti 12 na tambayoyi, sauran biyar in maimaita farashi da yadda ake oda in yi sallama.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, mutane ba tare suke shigowa ba. Wata a minti na biyu, wata a na ashirin bayan ta kwantar da yara. Saboda haka kowane minti goma nakan sake faɗin ko ni wace ce, me muke yi, da inda lambar waya take. Ke za ki ji kamar kin cika maimaici, amma rabin masu kallo karon farko ke nan da suka ji.

5. Wane gwaji zan yi kafin ranar?

Kwana biyu kafin ranar, a daidai lokacin da za ki yi shirin kuma a daidai wurin da za ki zauna, ki shiga laif na minti biyar a Facebook kin sa masu kallo a kan Only me. Ba wanda zai gani sai ke. Ki yi magana, ki ɗaga kaya, ki kashe, ki kalla. A nan za ki gane ko muryarki tana fita, ko fuskarki ta yi duhu, ko akwai wanki a shanye a bayanki. A nan ma na gano cewa kyamarar gaba tana juya rubutu, lambar wayar da na rubuta a kwali ta fito a baibai. Tun daga lokacin na koma kyamarar baya, wadda dama ta fi fito da ƙwayar shinkafa, ƙanwata kuma take karanta mini saƙonni.

Na ce a daidai lokacin ne saboda sabis ɗin ƙarfe goma na safe daban yake da na bayan isha'i, lokacin da duk unguwa ta hau waya.

6. Data nawa zan tanada, kuma yaya zan san sabis zai ɗauka?

Kallon bidiyo saukewa ne, shiga laif kuma turawa ne, kuma saurin turawa ya kan gaza na saukewa. Shi ya sa za ki ga wayarki tana buɗe bidiyon wasu lafiya lau amma naki yana tsinkewa. Ki buɗe Speedtest, manhajar auna saurin sabis, ki duba lambar da ke ƙarƙashin Upload. Idan ta kai 4 Mbps kuma ta tsaya a haka sau uku a jere, kin samu. Idan tana yawo tsakanin 1 da 2, hoton zai riƙa dushewa, ƙwayar shinkafa ta koma kamar gari, amfanin nunawar ya tafi. Ki gwada tsakar gida, ki gwada bakin taga, ki gwada wani layin. A gidana, tsakanin ɗaki da gindin darbejiya taku goma ne, amma bambancin sabis ɗinsu kamar gari da gari.

Lissafin data kuwa mai sauƙi ne. Idan waya tana tura 2 Mbps, awa ɗaya tana cin kimanin 900 MB, wato minti 40 kusan 600 MB. Hoto mafi kyau ya fi haka ci. Ni 2 GB nake sawa a wayar shirin, 1 GB a wayar mai taya ni, a kan layi daban, domin idan ɗaya ya ɗauke mu jona da ɗayan. Mutanen Zamfara sun san abin da ake nufi da ɗaukewar sabis tun 2021 da aka rufe layuka a jihar, don haka ba sai na tsawaita ba: ki sanar tun farko cewa idan shiri ya yanke za ki dawo cikin minti biyar, idan ya gagara kuma gobe a daidai lokacin.

7. Sai na sayi fitila da makirufo?

A'a. Abin da ba makawa uku ne: abin da zai riƙe waya kada ta yi rawa, haske a gabanki ba a bayanki ba, da wurin da ba hayaniya. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa haƙuri da murya da ba a ji. Abin kunne mai igiya na kasuwa ya isa makirufo. Janareta kuma ko dai a kashe shi ko a kai shi nesa. Fitilar sola guda biyu sun fi shi amfani.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne zafi. A watan Afrilu a Kebbi, waya tana laif, tana jone da caji, tana cikin rigarta ta roba, ba za ta yi minti 20 ba sai ta yi zafi ta rage haske ko ta rufe kyamara. Ya faru da ni ina tsakiyar awo. Yanzu nakan cika caji tun da rana, in cire mata riga, in ajiye ta a inuwa, fawa bank yana gefe sai in ta yi ƙasa sosai. Kiran waya ma yana yanke shiri: yayata ce ta kira ni a shirina na farko don ta ce tana kallona. Ki kunna Do Not Disturb, ki kuma gaya wa 'yan gida kada a kira wannan layin. Mafi aminci, layin da ke wayar shirin ya zama ba wanda kwastomomi suka sani ba.

8. Wane lokaci ya fi, kuma yaya zan sanar?

Ki bi lokacin sallah da na girki. A wurina bayan isha'i ne, wajen takwas da rabi, an ci abinci an natsu. Tsakanin la'asar da magariba mata suna madafa. Da azumi komai yana juyawa, sai bayan asham ko da hantsi. Kada shirinki ya ratsa kiran sallah. Ki lissafa ki gama kafin a kira.

Sanarwa sau uku nake yi a sitatus da shafi: saura kwana uku, ana gobe, da saura awa ɗaya. Kuma ba "zan shiga laif" nake rubutawa ba, wannan ba ya tada kowa. Nakan rubuta abin da za a koya, rana da lokaci, sannan in ce duk mai tambaya ta turo tun yanzu. Waɗannan tambayoyin za su cece ki, duba tambaya ta 9.

9. Idan ba wanda ya yi tambaya fa? Ko aka yi wadda ban san amsarta ba?

Da farko ki sani akwai jinkiri tsakanin maganarki da isarta ga masu kallo, daga 'yan daƙiƙoƙi har zuwa rabin minti, sannan su ma sai sun rubuta. Idan kin ce "akwai mai tambaya?" kika ji shiru, ba ƙin ki aka yi ba, maganar ce ba ta isa ba tukuna. Kada ki tsaya kallon waya. Ki ɗauko ɗaya daga tambayoyi biyar da kika tanada, ki ce, "Wata 'yar'uwa daga Yauri ta tambaye ni ko shinkafar Faro 44 tana kumbura a tukunya," ki amsa. Kafin ki gama, sababbi sun shigo. Kowace tambaya ki karanta ta da ƙarfi kafin ki amsa, domin mai kallo daga baya ba lallai ta ga rubutun ba.

Wadda ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba. Wani dattijo ya taɓa tambayata ko shinkafar da aka turara ta dace da mai ciwon suga. Na ce, "Baba, wannan ta likita ce, ni turara da shanya na sani, kada in faɗa maka abin da zai cuce ka." Wallahi ban yi asarar komai ba, shi ne ma ya sayi buhu biyu daga baya. Ina roƙon masu sayar da zuma da kayan mata da magungunan gargajiya su kula da wannan sosai. Alƙawarin warkarwa a gaban jama'a nauyi ne a wuyanki, kuma bidiyon yana nan shaida.

10. Yaya zan karɓi oda ba tare da rikicewa ba?

Ba za ki iya magana, ki nuna kaya, ki karanta saƙo, ki kuma rubuta oda ke kaɗai ba. Dole mutum na biyu. Tawa ƙanwata ce, tana zaune bayan kyamara da waya da littafi. Facebook ta daina tsarinta na saye a cikin laif tun Oktoba 2022, don haka mu da hannu muke yi, kuma yana tafiya daidai in an tsara.

Kowane kaya yana da lamba a rubuce a jikinsa. A ce lamba 1 buhu mai kilo 25, lamba 2 mai kilo 50, lamba 3 karyayya ta tuwo. Ina fara shiri ƙanwata take rubuta lambobin da farashinsu da lambar WhatsApp a saƙo ɗaya, mu maƙale shi a sama da Pin. Mai so sai ta rubuta "Na ɗauki lamba 1, guda biyu", ƙanwata ta shigar da sunanta a littafi, ni kuma in faɗa da baki, "Maman Abba, an rubuta miki biyu." Sauran maganar, adireshi da biya, duk a WhatsApp. Ba na bari kowa ta rubuta lambar wayarta ko unguwarta a fili, domin akwai masu kwashe lambobin su kira mutane da sunana su karɓi kuɗi. Nakan faɗa sau biyu a kowane shiri cewa asusuna ɗaya ne, ga sunan da zai fito, duk wanda ya turo wani ba ni ba ce.

Farashi kuma ki faɗe shi a fili. "Ki zo inbos" tana korar masu kunya, tana kuma sa a yi zaton kowa da nasa farashin. Ki haɗa da maganar kuɗin mota, domin a nan ciniki ya fi lalacewa: kin yi ciniki lafiya, sai a tasha a faɗi kuɗin kai buhu Sakkwato ko Gusau, mai saye ta ce ba a gaya mata ba. Ki je tasha kafin ranar ki tambayo kuɗin garuruwa huɗu ko biyar da aka fi yi miki oda. Idan kin ce buhu goma suka rage, to goma ɗin ne. Ƙaryar "saura biyu" sau ɗaya take aiki.

11. Yaya zan kauce wa alat na bogi?

Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ba kuɗi ba ne. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna a asusu kafin buhu ya bar gida. An taɓa yi mini: mutum ya turo rasit ana tsakiyar shiri, yana ta gaggawa cewa direba na jira a tasha, ni kuma ina jin kunyar in ce ban yarda ba a gaban mutane. Buhu ya tafi, kuɗi ba su zo ba. Gaggawar ita ce alamar. Yanzu ƙa'idata a faɗe take tun farkon shiri: ba a tabbatar da biya a cikin laif, ana ajiye wa mutum kaya zuwa azahar ta gobe, wanda kuɗinsa suka shiga a ɗora nasa a mota, wanda bai biya ba a ba na bayansa a littafi.

12. Masu zagi da masu maganar banza fa? Kuma dole in nuna fuskata?

Kada ki amsa musu, aikin mai taya ki ne ta goge saƙon ta toshe mai shi. Kin tanka sau ɗaya, shirin ya zama nasa. Amma ki bambanta mai zagi da mai ƙorafi. Wadda ta ce ta sayi shinkafarki ta sami tsakuwa, ki amsa mata a fili, ki ba ta haƙuri, ki faɗi yadda za ki gyara. Goge irin wannan ya fi barin sa illa, don akwai waɗanda suka riga suka karanta.

Fuska ba dole ba ce. Na san matan da maigida bai amince su fito ba, ko su da kansu ba sa so, kuma suna ciniki sosai: kyamara tana kallon tire da hannuwa, murya tana bayani. A sana'a irin tamu ma hannun ake son gani. Ki dai kula da abin da ke bayanki, kada a ga ƙofar gida, lambar mota ko yara. A wasu yankunanmu, musamman inda tsaro ya yi wuya, nuna tarin buhuna da faɗin unguwa ba hikima ba ce. Buhu uku sun isa nuni.

13. Mutum bakwai kawai suka kalla. In daina?

Shirina na farko mutum tara ne, uku 'yan gidanmu. Ba adadin da ke saman allo nake dubawa ba yanzu, littafin ƙanwata nake dubawa: mutum nawa suka yi tambaya, nawa suka ce sun ɗauka, nawa suka biya. Idan ana kallo ba a tambaya, batun bai taɓa damuwarsu ba, ki koma tambaya ta 3. Idan ana tambaya ba a ɗauka, galibi farashi ko hanyar oda ce ba ta fito ba. Idan ana ɗauka ba a biya, ko kin makara wajen bibiya ko kuɗin mota ya ba su mamaki. Duba ta 10. Ki yi mako huɗu, sau ɗaya kowane mako, ba tare da canja rana ko lokaci ba, kafin ki yanke hukunci, don sai an saba da ranarki ake jiranta.

14. Bayan na kashe, me ya rage?

A daren nan nake bin littafi ɗaya bayan ɗaya in tura wa kowace saƙo: abin da ta ɗauka, jimillar kuɗi da na mota, da lokacin da ajiya za ta ƙare. Wadda aka bari har kwana biyu, zuciyarta ta riga ta sauka. Tambayoyin da ban kai gare su ba in amsa su a rubuce a ƙarƙashin bidiyon, in kuma kwafe su a bayan littafin, su ne batun mako mai zuwa.

Sai ki sauke bidiyon a wayarki. Tun Fabrairu 2025 Facebook kwana 30 kawai take ajiye bidiyon laif, daga nan ta goge. Daga cikin minti 40 nakan yanko guda biyu ko uku na minti ɗaya ɗaya, kamar wurin cizon ƙwaya da wurin neman tsakuwa a tire, in sa a sitatus tare da ranar shiri na gaba. Na cizon ƙwayar nan har yanzu ana turo mini shi daga garuruwan da ban taɓa aika buhu ba, ana tambaya ko akwai sauran lamba 1.